Sanarwa ga Iyayen Ɗalibai Game da Jarrabawar Zango na Farko

Litinin, 1 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da iyaye da masu riƙon ɗaliban ƙaramar sakandare, daga aji ɗaya zuwa aji uku, cewa za a fara jarrabawar ƙarshen zango ranar Litinin, 8 ga Disamba, a kammala ranar Juma'a, 12 ga wata, in Allah Ya yarda.

Daga Litinin zuwa Alhamis za a riƙa zama biyu, na farko daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:30, na biyu kuma daga 11:00 zuwa 12:30. Ranar Litinin za a yi Turanci da Hausa, Talata Lissafi da Tarihi, Laraba Kimiyya da Aikin Gona, Alhamis kuma Addinin Musulunci da Larabci. Ranar Juma'a darasin Kwamfuta kaɗai za a rubuta, a tashi da ƙarfe 10:30 domin kowa ya samu halartar masallaci.

Babban abin da nake roƙon iyaye a kai shi ne sammako. Wajibi ne kowane ɗalibi ya kasance cikin harabar makaranta da ƙarfe 7:30, domin ƙarfe 8:00 za a fara kiran suna ana zaunar da su. Na san muna cikin hunturu, yara na nauyin tashi, kuma samun a-daidaita-sahu da sassafe yakan yi wuya, amma duk wanda ya makara ba za a ƙara masa lokaci ba, wanda kuwa ya wuce minti talatin bayan raba takardu ba zai shiga ba sam. Abin tausayi ne a ga yaron da ya kwana yana bita ya shigo yana haki, hannunsa na rawa, alhali 'yan'uwansa sun yi nisa da rubutu. A taimaka a ba su karin kumallo kafin su fito, an kuma yarda su ɗora rigar sanyi a kan kayan makaranta.

Kowa ya zo da biro biyu da fensir da rula, domin babu aro a ɗakin jarrabawa. Jaka da littattafai za a ajiye su a bakin ƙofa, wayar hannu kuwa a bar ta a gida. Ba a magana ko waiwaye da zarar an fara, mai tambaya sai ya ɗaga hannu ya jira malamin da ke sa ido. Duk wanda aka kama da satar amsa za a soke takardarsa ta wannan darasi, sannan a kira mahaifinsa ko mai riƙonsa.

Idan rashin lafiya ta hana yaro zuwa, a sanar da malamin ajinsa a ranar, tare da takardar asibiti, domin a sa masa wata rana.

Allah Ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam,
Shugabar Makaranta