Tambayoyina Kan Filin Igbogbo Kafin In Ba da Kafin Alƙalami

Zuwa ga Alhaji Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, na ga saƙonka cewa mai fili yana son a ajiye naira miliyan 3 kafin alƙalami zuwa ranar Juma'a, daga cikin miliyan 9 da aka tsayar. Filin na Igbogbo da ke Ikorodu ya yi mini, kuma kuɗin suna hannu. Sai dai ka san ba nawa ba ne ni kaɗai. Kusan rabinsu gadon marayun ɗan'uwana Habu ne da aka damƙa mini amana, saura kuma abin da na tara ne a cinikin albasa a kasuwar Mil 12. Ba zan yi cinikin biri a sama da dukiyar marayu ba. Shi ya sa na zauna da lauyana muka fitar da waɗannan tambayoyi. Ina roƙon ka kai wa mai filin, Baba Rashidi, ya amsa a rubuce, ya haɗo da kwafin kowace takarda da ya ambata.

Da farko, wace takarda ce take hannunsa? Ranar da muka je ganin filin ka ce mini "takardu sun cika", shi kuma ya ce satifiket ɗin mallaka yana kan hanya. To wanne ne a ciki? In akwai satifiket ɗin da gwamna ya sa wa hannu, ina son lambarsa, da shekarar da aka ba da shi, da sunan da ke kai, da lambobin rajista da aka buga masa a ofishin rajistar filaye da ke Alausa. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasar kowace jiha hannun gwamna, abin da satifiket ke bai wa mutum izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Don haka ina son sanin shekara nawa suka rage, da kuma abin da aka rubuta za a yi da wurin: gidan zama ne, ko noma, ko kasuwanci? Ni gida nake son ginawa da shaguna biyu a gaba. In kuwa nema kawai aka shigar ba a bayar ba tukuna, a ba ni lambar fayil da rasit ɗin kuɗin da aka biya gwamnati, lauyana ya je ya duba da idonsa.

Shi Baba Rashidi a wurin wa ya samu filin? Na ji ya ce ya saya a 2011 daga hannun wani gida na 'yan ƙasa. Ina son ganin yarjejeniyar cinikin da rasit ɗin gidan. Waye ya sa hannu a madadinsu? Wannan ya dame ni ƙwarai, domin lauya ya bayyana mini cewa a filin gandu na Yarabawa dole shugaban gida ya sa hannu tare da yardar manyan gidan. In wasu daga cikin 'ya'yan gida suka sayar ba tare da shugaban ba, cinikin bai ƙullu ba sam. In shugaban ne ya sayar da sunan gida bai nemi yardar manyan ba, suna iya zuwa kotu su rushe shi. To su waye suka sa hannu a 2011, suna raye, kuma gidan ɗaki nawa ya rabu? Akwai wani ɓangare na zuriyar da bai yarda da cinikin ba? Zan so a haɗa ni da shugaban gidan na yanzu, in ji daga bakinsa a gaban shaidu cewa sun san filin na Baba Rashidi ne, ba su kuma sayar wa wani da shi ba.

Sannan wancan ciniki na 2011, an yi masa rajista? An nemi amincewar gwamna a kai? Sashe na 22 na waccan doka ya hana mai satifiket ya sayar ko ya jinginar da filinsa sai da amincewar gwamna. In filin ya taɓa samun satifiket ya kuma sauya hannu ba a nemi amincewar ba, akwai giɓi a tsakani, kuma ni ne zan gaji wahalarsa da kuɗinsa. A faɗa mini hannu nawa filin ya bi kafin ya iso gare shi, da takardar kowane hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gwamnati. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin Ikko: filaye masu yawa a wajen gari, ta Ikorodu da Epe da Badagry da Ibeju-Lekki, gwamnati ta karɓe su a takarda tun da daɗewa, mutane na zaune a kai suna ta saye da sayarwa kamar ba komai. Shin wannan fili yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe? In yana ciki, irin wanda aka riga aka ware wa wani aiki ne, kamar hanya ko rukunin gidaje ko gonar gwamnati, ko kuwa irin wanda ake iya biyan kuɗi a halatta wa mutum? Na farkon ba ya gyaruwa, duk ranar da aka tashi aiki rusau za a yi. In kuma an ce gwamnati ta sakar wa ƙauyen wani yanki, ina son lambar gazet ɗin da aka buga sakin a ciki, da shekara da shafi, da girman abin da aka saka. Kada a ce mini "garin yana da gazet" a tsaya nan. Gari yana iya samun saki amma fulotin da ake nuna maka yana bayan layi. Abin da nake son tabbaci a kai shi ne wannan fuloti ɗin, shi kansa, ya faɗa cikin yankin da aka saka.

Wannan ya kawo ni kan safiyo. Akwai taswirar safiyo? Sunan wa ke kanta, wace shekara aka yi ta, wane mai safiyo ne ya yi, kuma akwai hatiminsa na hukumar masu safiyo ta ƙasa? An ajiye kwafinta a Ofishin Babban Safiyo na jihar Legas? In ba a ajiye ba, lauya ya ce ba za ta yi mini amfani ba wurin neman amincewar gwamna. Ina neman izinin in kawo nawa mai safiyon, da kuɗina, ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin a kai wancan ofishi a ɗora su kan taswirar gwamnati, a ba mu sakamako a rubuce.

Akwai kuma abin da idona ya gani. Na sami dutsen safiyo uku ne kawai, na kusurwar gabas babu shi, kuma katangar maƙwabci ta wannan ɓangare kamar ta shigo ciki. Wa ya cire dutsen? Lambobin da ke kan ukun nan sun yi daidai da na kan taswira? An ce mini cikakken fuloti ne, ƙafa 60 da 120, wato wajen murabba'in mita 669. Da na taka shi da ƙafata ban ga ya kai haka ba. In awo ya nuna bai cika ba, za a rage kuɗi daidai da abin da ya ragu? Ita kuma hanyar da muka bi muka shiga, tana cikin tsarin unguwa ne, ko filin wani ne da zai iya toshewa gobe?

Game da nauyin da ke kan filin, ina son Baba Rashidi ya amsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, da e ko a'a. An taɓa jinginar da shi ga banki, ko ƙungiyar adashi, ko wani mutum? Takardun asali suna hannunsa yau, zai iya nuna su, ko suna ajiye wurin mai bin bashi? Akwai shari'a a kansa a kowace kotu, wadda ake yi ko wadda aka gama? Akwai wanda ya shigar da gargaɗi a ofishin rajista cewa kada a taɓa filin? Ya taɓa karɓar kafin alƙalami daga wani, ko ya bai wa wani wakilcin sayarwa? Matarsa ko 'ya'yansa ko 'yan'uwansa suna da haƙƙi a ciki? Akwai bashin harajin ƙasa da gwamnatin jiha ke bi?

Rogon da ke cikin filin fa, na wa ne? Mai noman haya yake yi ko aro aka ba shi, kuma yaushe zai tashi? Na kuma ga harsashin gini tsoho a bayan filin, ciyawa ta rufe shi. Wa ya haƙa, me ya hana shi ci gaba?

Na lura da kwata babba ta bayan layin. Nisanta nawa daga iyakar filin, kuma ruwa yana kwanciya a wurin da damina? Akwai babbar wayar lantarki ko bututun mai da ya ratsa kusa, ko wata hanya da ake shirin faɗaɗawa? Mun ga yadda aka rushe gine-gine a 2024 saboda hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, mun kuma ga waɗanda aka rushe don sun hau hanyar ruwa. Ina son sanin ko hukumar tsara birane za ta ba da izinin gini a wurin.

Sai maganar omonile, wato 'ya'yan gidajen 'yan ƙasa masu filaye. Bayan miliyan 9, me kuma za a nema a hannuna? Kuɗin harsashi, kuɗin rufi, kuɗin sauke yashi, kuɗin ƙungiyar unguwa? Na san dokar kare kadarori ta jihar Legas ta 2016 ta haramta yawancin irin wannan karɓe-karɓe, amma mun san abin da ke faruwa a ƙasa. A gaya mini gaskiya tun yanzu, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa gidan ba su da sauran abin nema. La'adarka ma, Alhaji, a faɗe ta a fili: nawa ce, kuma wa zai biya?

Kan kafin alƙalamin kansa, ga yadda nake so. Ba zan ba da tsabar kuɗi ba, ta banki zan tura, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardun, bayan na ga katin shaidarsa na ɗan ƙasa. In ya fi so, a ajiye kuɗin a hannun lauya har a gama bincike. A rubuta yarjejeniya mai shaidu biyu daga kowane ɓangare, wadda za ta ce in bincike a Alausa ko awon safiyo ya nuna matsala, za a mayar mini da kuɗina cif cikin kwana 14, kuma ba zai sayar wa kowa ba a tsawon lokacin binciken. Ya yarda da wannan? Ya kuma yarda cewa ranar da na cika kuɗi zai miƙa mini takardun asali, ya sa hannu a yarjejeniyar mallaka da fom ɗin neman amincewar gwamna, ya kuma damƙa mini filin in zagaye shi da katanga?

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauki wannan a matsayin rashin yarda da kai. Shekaru muna tare a Agege, ban taɓa jin an kuka da kai ba. Amma kai ma abin da aka gaya maka ka gaya mini, takardun kuma babu wanda ya gani a cikinmu. Juma'a ta yi kusa da yawa. Ina roƙon a ba ni mako uku daga ranar da kwafin takardun suka iso hannuna. In ya ce akwai wani mai saye da ba zai jira ba, to ya sayar masa, Allah ya sa alheri, ba zan riƙe kowa a zuciya ba.

Ina jiran amsa. A gaida Hajiya da yara.

Ɗanka,
Sani Mai Albasa
Kasuwar Mil 12, Legas