Farashin girkin biki: tsari huɗu da abin da ke cikin kowanne

Hoto na 1

Nawa ne abincin biki?

Wannan ce tambayar da ta fi cika akwatin saƙonmu, daga iyayen amare, daga angwaye, har daga gwaggonnin da aka ɗora wa kula da tukunya. Ga amsar a fili: tsari huɗu, kuɗin kowanne, abin da za ku samu da wanda ba ya ciki. Ku ja hagu.

Hoto na 2: Yadda muke lissafi

Da kan mutum muke lissafi, ba da tukunya ba. Ku faɗa mana adadin baƙi, mu ninka da farashin tsarin da kuka zaɓa.

Abu biyu ne ke ɗaga kuɗi ko su sauke shi: yawan jama'a da nama. Shinkafa ba ita ce mai cin kuɗi ba, don a awonmu buhu mai kilo 50 yana fitar da roba wajen 300. Amma a yanka kaza gida takwas da a yanka ta gida huɗu, bambancin kaji ninki biyu ne. Saboda haka duk inda kuka ga wani farashi ya yi arha ƙwarai, tambayar farko ita ce: gida nawa za a raba kazar?

Hoto na 3: Tsarin Suna da Walima

N190,000, na mutum 50.

Wannan kaɗai ne muke yi wa kuɗi dunƙule. Na suna ne, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko tarbar alhazai. A ciki akwai kula ɗaya ta dafa-dukan shinkafa da naman sa, waina 200 da miyar taushe, da jarkar zobo mai lita 20. Za mu kawo har gida, mu dawo ɗaukar kulolinmu washegari. Babu masu rabo, babu faranti. Mutanen gida ne za su zuba.

Hoto na 4: Tsarin Ɗaurin Aure

N3,500 kowace roba. Mafi ƙanƙanta roba 100, wato N350,000.

Kowace leda tana ɗauke da:
- robar dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa
- yankan kaza ɗaya (kaza gida takwas) ko tsokar naman sa biyu
- ɗan haɗin kabeji a gefe
- cokali, takardar goge hannu da ruwan roba

Abincin maza ne, kuma maza ba sa zama. Ana shafa fatiha, a gaisa, a ɗauki hoto da ango, kowa ya nemi takalminsa. Shi ya sa ba ma ba ango shawarar kashe kuɗi kan faranti da teburi a wannan rana. A ƙulle komai a leda, mai ci a nan ya ci, mai kai wa iyali ya kai.

Idan bayan sallar Juma'a za a ɗaura, ƙarfe 12 na rana muke sauke kaya, tun ba a fara shimfiɗa darduma a kan titi ba. Da zarar an tare hanya, mota ba ta da wajen bi sai an sallame. Ku tanadi mutum biyu daga abokan ango da za su karɓa, su ƙirga a gaban direbanmu, su sa hannu.

Hoto na 5: Tsarin Yinin Biki

N5,500 kan kowane mutum. Daga mutum 100 zuwa sama.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yi wa gida shaida. Maza sukan manta abin da suka ci a wajen ɗaurin aure kafin la'asar, amma dangin ango mata za su riƙa tuna miyar gidan amarya har ranar sunan fari.

Za ku zaɓi biyu daga cikin waɗannan: waina, sinasir, funkaso, alkubus, tuwon shinkafa. Miya biyu: taushe da kabewa da alayyahu da gyaɗa, sai kuma miyar ja ko ta agushi. Ana haɗawa da shinkafa kala ɗaya don yara da waɗanda ba su son nauyi, da farfesun kayan ciki, da naman rago a cikin miya. Abin sha zobo ne da kunun aya. Mata uku daga wajenmu za su zo su tsaya kan kuloli tun daga azahar har magariba, su zuba wa kowane rukuni nasa: ƙawayen uwar amarya, dangin uba, ƙawayen amarya, da kwanukan maƙwabta da ake aikawa gida-gida.

Shawararmu, kada a haɗa funkaso da alkubus a zaɓi ɗaya. Dukkansu alkama ce, kuma ƙarshenta ɗaya ne zai yi kwantai. Waina da alkubus sun fi tafiya tare. Wainar kuma a ranar muke toya ta tun asuba, ƙullin ne kawai ke kwana. Ba ma kawo wainar jiya, ko da za a rage mana kuɗi a kan hakan.

Game da kunun aya: a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ba ya jure yini ko da ƙanƙara. Sau biyu muke kawo shi a lokacin, da azahar da kuma bayan la'asar. Idan gidan da nisa, mu musanya shi da lemon citta.

Hoto na 6: Tsarin Dina

N9,500 kan kowane mutum. Daga mutum 150.

Shinkafa kala biyu, kwatar kaza gasasshiya, farfesun kifi ko na rago, dankalin turawa, haɗin salak, sambusa da cincin a kan kowane teburi kafin shigowar amarya, kankana da abarba, lemon kwalba da ruwa. Faranti na tangaran ne, da cokula da kofuna, duk namu. Mai rabo ɗaya ga kowane mutum 25, cikin kaya iri ɗaya, da shugabarsu wadda ita kaɗai uwar biki za ta yi wa magana. Wanke-wanke da kwashe kaya ma namu ne.

Ku tambayi masu zauren taron tun da wuri ko suna karɓar kuɗi daga mai kawo abinci daga waje, da kuma ƙarfe nawa suke rufewa. Wannan kuɗin, idan akwai shi, ba ya cikin lissafinmu.

Hoto na 7: Abin da ba ya cikin kowane tsari

Rumfa, kujeru, ado, kek ɗin amarya da kayan gara. Alkaki, dubulan da nakiya muna yi, amma da kwano ake lissafinsu, daban.

Kai kaya kyauta ne a Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa da cikin birnin Kano. Wajejen Mariri, Panshekara, Janguza da Dawanau ana ƙara N15,000. Wudil, Bichi ko Gezawa sai mun yi magana. Idan gidan yana cikin lungun da mota ba ta shiga, kamar wasu lungunan cikin badala, a faɗa mana tun farko mu tanadi masu baro.

Hoto na 8: Ga mai kayansa

Wasu gidajen sun riga sun sayi shinkafa, ko an kawo musu gudummawar rago da mai. Babu laifi, muna karɓar aiki kawai: N60,000 kan kowane buhu mai kilo 50, har da gas da sinadaran ɗanɗano. Za mu ba ku jerin abin da ake buƙata a rubuce, mu auna kayan a gabanku ranar da aka kawo. Sharaɗi ɗaya ne: idan naman da aka kawo bai kai ba, ba za mu ƙanƙanta yanka don ya zagaya ba, za mu kira ku a ƙaro.

Hoto na 9: Misali

A ce Hajiya ce a Gwammaja za ta aurar da 'yarta, ba za a yi dina ba.

Ɗaurin aure, roba 200: N700,000
Yinin biki, mutum 150: N825,000
Jimla: N1,525,000
Ragin haɗa tsari biyu: N75,000
Abin biya: N1,450,000

Kafin alƙalami kashi 70 cikin 100 ne, wato N1,015,000. Cikon N435,000 kwana uku kafin biki. Ragin yana samuwa ne idan an haɗa tsari biyu ko fiye kuma jimla ta haura naira miliyan 1.

Wani abu da Hajiya za ta yi la'akari da shi: wanda aka ba kati ba shi kaɗai yake zuwa ba. Da ƙanwa, da 'yar goyo, da maƙwabciya, ga kuma 'yan gayyar soɗi. Idan kati 150 aka raba wa mata, a yi odar mutum 200. Gara a rage tsari, a sauko daga rago zuwa naman sa, da a rage adadi. Ba ma iya ɗora sabuwar tukunya da la'asar.

Hoto na 10: Me ya sa farashi yake da wa'adi?

Duk farashin da muka rubuta muku kwana 14 yake yi. Cefanenmu daga kasuwa yake fitowa: kayan miya a 'Yankaba, hatsi da gyaɗa a Dawanau, mai da kayan masarufi a Singa, nama kuma abbatuwa da sassafe. Lokacin sanyi, da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa, kwando yana sauƙi. Da damina ta kawo kai sai ya yi tashin gwauron zabo, haka rago idan Babbar Sallah ta matso. Da kun biya kafin alƙalami, farashinku ya tsaya ko kasuwa ta tashi, domin a makon muke sayen duk abin da ba ya lalacewa.

Hoto na 11: Yadda za a kama rana

Ku turo saƙo ta akwatin wannan shafi da abu huɗu: rana, unguwa, tsarin da kuke so, da adadin mutane. Za mu mayar da lissafi a rubuce kafin washegari, in sha Allah. Rana ba ta kamuwa da baki, sai an biya kafin alƙalami an karɓi rasit.

Mai ɗaukar tsarin yini ko na dina yana da ɗanɗano kyauta na mutum biyu, ranar Laraba da yamma. A zo da wadda za ta fi kowa ƙorafi ranar biki.

Idan an ɗaga biki, muna mayar da ku wata ranar ba tare da ƙarin kuɗin aiki ba, muddin an sanar da mu mako biyu kafin lokaci. Idan an fasa gaba ɗaya, za mu ba ku kayan da aka riga aka saya, mu dawo da sauran kuɗin.

Biki biyu kawai muke karɓa a rana. Watan Sha'aban, makonnin bayan Ƙaramar Sallah da Disamba su ne ke fara cika, don haka masu biki a waɗannan lokuta su yi magana wata biyu kafin ranar. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.