Sanarwar sabunta waifai: nawa za a cire, yaushe, da yadda za ku soke

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan uwa masu shaguna da ɗaliban da ke hawa waifai ɗinmu, daga Mabera har Gawon Nama da Runjin Sambo. Yau Litinin 19 ga Janairu 2026. Wanga saƙo shi ne ya maye gurbin wancan dogon na Turanci da ake turo muku duk wata, wanda sai mutum ya kai layin ƙarshe kafin ya ga adadin kuɗi, kuma ko a nan ɗin ba adadin da banki ke cirewa ba ne. Ku bar wancan, ku riƙe wanga.

Za a cire naira 8,600 daga katin ATM ɗin da kunka saka, ranar Litinin 2 ga Fabrairu 2026, ƙarfe 10 na safe. In ba ku so a cire, ku soke kafin ƙarfe 10 na daren Lahadi 1 ga Fabrairu.

Ga yadda 8,600 ɗin ta taru. Kuɗin tsarin 60GB naira 8,000 ne, sai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari wato naira 600, kuma wanga haraji na gwamnatin tarayya ne, tun Fabrairun 2020 yake a kashi 7.5, mu karɓa kawai muke yi mu miƙa. Ba kuɗin sabis, ba kuɗin rauta, ba komai a ɓoye. In kun ga bankinku ya ƙara cire 'yan canji na alat ko na kula da kati to wannan tsakaninku da banki ne, bai zo aljihunmu ba.

Kuma eh, kuɗin ya ƙaru, gara ku ji daga bakinmu tun yanzu da ku gani a alat. A zagayen da ya wuce 7,525 anka cire muku, 7,000 da harajin 525, yanzu kuma 8,600, ƙarin naira 1,075 ke nan. Dalili batura munka canza na injinan da ke kan rufi, da kuma kuɗin layin da mu ma muke saye. Wanda ya ga abin ya yi mishi nauyi akwai tsarin 30GB, naira 5,000 da haraji 375, duka 5,375, ku rubuto mana 30GB kafin daren Lahadi 1 ga Fabrairu mu mayar da ku can.

Maganar kwanan wata ita ce ta fi kawo mana gardama a shago. Kwana 30 kuke saye, ba wata guda ba, shi ya sa ranar cirewa ba ta zama wuri ɗaya, tana matsawa. Wani bawan Allah mai shagon ɗinki ya zo da wayarshi a hannu yana nuna mana alat biyu, ɗaya a farkon wata ɗaya a ƙarshenshi, yana cewa Malam an ci kuɗina sau biyu, sai da munka ɗauko kalanda munka ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya da biro sannan ya ga talatin ne cif tsakaninsu. To don kada a maimaita haka: abin da za a cire 2 ga Fabrairu zai kai ku zuwa Laraba 4 ga Maris 2026, tunda Fabrairun bana kwana 28 ne, kuma a ranar 4 ga Maris ɗin ne za a sake cirewa in ba ku soke ba. Daga yanzu kowace sanarwa za ta zo da ranar a rubuce, da sunan ranar, aƙalla mako ɗaya kafin a taɓa katinku.

Azumi zai kama a cikin wanga zagaye in Allah ya kai mu, kuma mun san akwai masu rufe shago ko ɗalibai masu tafiya gida, Illela ne, Gwadabawa ne, Tambuwal ne, su bar rauta a ɗaki ba mai hawa. Datar da ba ku yi amfani da ita ba ba ta tsallakawa zuwa zagaye na gaba, to in kun san ba ku gari ku soke abinku, kuna dawowa a kunna muku ba tare da kuɗin sake haɗawa ba.

Sokewa hanya uku ce, ko wacce kunka bi ta wadatar. Mafi sauƙi, ku amsa wanga saƙon a nan WhatsApp da kalmar SOKE, ita kaɗai. Ko ku shiga shafinku inda kuke duba sauran data, ku danna My Plan, ku kashe Auto-renew, za ku ga maɓallin ya koma toka-toka daga kore, sannan ku danna Confirm, don Allah kar a manta da wanga na ƙarshen domin in kun fita ba ku danna shi ba to ba a soke ba. Ko kuma ku zo shago ko ku aiko yaro da lambar da ke maƙale a ƙasan rautarku, muna nan ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, ban da lokacin sallar Juma'a.

Duk hanyar da kunka bi za ku samu saƙo daga gare mu mai cewa an soke, da ranar da sabis zai tsaya. In awa biyu ta wuce ba ku gan shi ba ku sake taɓo mu, kar ku ɗauka ya yi. Ba mai tambayarku dalili, ba kuma tara. Sokewa ba ta yanke muku waifai nan take, abin da kunka riga kunka biya yana nan har ƙarfe 10 na safiyar 2 ga Fabrairu. Rauta tamu ce, in kwana 60 sunka wuce ba ku dawo ba za mu kira mu sa ranar zuwa ɗauka.

In kun manta har anka cire, kuna da zuwa Laraba 4 ga Fabrairu ƙarfe 10 na safe ku ce a mayar muku, muddin ba ku ci fiye da 1GB ba, za mu mayar da 8,600 ɗin duka cikin kwanakin aiki biyar. In kuma ba kuɗi a asusun ranar, za a sake gwadawa sau ɗaya washegari Talata a daidai wannan lokacin, in bai yi ba sabis ya tsaya kawai, ba mu bin ku bashi. Wani lokaci banki kan cire amma kuɗin bai iso mana ba, ku turo hoton alat ɗin mu kunna muku mu bi sawu daga baya.

Masu biya ta tiransifa ko a hannu, ku ba a cire muku komai da kanshi, sai kun turo. Adadi da rana dai ɗaya ne.

Ba mu taɓa neman PIN ko OTP ko BVN ɗinku, ko a waya ko a saƙo, duk wanda ya kira da sunanmu yana neman waɗannan ku kashe wayar ku sanar da mu.

Mun gode, Allah ya ba da kasuwa.

Ɓangaren biyan kuɗi, Sakkwato