Jawabin Shugaban Makaranta ga Iyaye kan Dokar Shigowa da Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu maza da mata, malamai abokan aiki, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri da kuka bar kasuwa da ofis kuka amsa kiranmu.

Maganar waya ce ta tara mu. Daga ranar Litinin mai zuwa, waya ba za ta ƙara shiga aji ba, a kunne take ko a kashe.

Darasi minti 40 ne. Waya ɗaya ta yi ƙara, kafin malam ya gano mai ita, a gama dariya, a koma kan allo, kwata ɗin darasin ya tafi. Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi damunmu shi ne kyamara. Yaro ya ɗauki 'yar ajinsu tana gyangyaɗi, ko malama tana rubutu ta juya baya, kafin a tashi ya tura ta Xender, da yamma abin yana yawo a WhatsApp da TikTok. Abin da ya fita ba ya dawowa, kuma 'yar wani ce, gobe za a zo neman aurenta. Ga kuma jarrabawa: WAEC da NECO sun haramta shiga ɗakin jarrabawa da waya, ko ba a taɓa ta ba. Wanda aka kama ana iya soke sakamakonsa, wahalar shekara 6 da kuɗin rajista su bi ruwa. Yaron da ya saba da waya a aljihu tun aji ɗaya, ran jarrabawa mantawa zai yi ya shiga da ita.

Mun san uzurinku. Akwai masu zuwa daga Batagarawa, da Shinkafi, da bayan Ƙofar Ƙaura, sai sun hau Keke sau biyu, ga halin da ake ciki na tsaro. Uba yana da gaskiya in ya ce yana son ya ji ɗansa ya isa lafiya. Shi ya sa ba mu hana ɗungurungum ba.

Wanda yake son ɗansa ya riƙe waya saboda hanya, ya zo da kansa ofishin mataimakina ya cike takarda. Ƙaramar waya mai maɓalli kawai muke karɓa, marar kyamara, a kuma cire mata memori. A gabanku za a danna *#06#, lambar IMEI ta fito, mu rubuta ta tare da sunan yaro da ajinsa. Da wannan lambar muke raba gardama, don ƙananan wayoyin nan duk kamarsu ɗaya.

Kullum da safe, kafin asambule na 7:45, yaro zai kashe wayar, ya miƙa wa malamin da ke bakin ƙofa, a sa ta a akwatin ajinsu a gurbi mai lamba, a ba shi kati mai wannan lambar. Makulli yana ofishina. In an tashi ƙarfe 2:00, ran Juma'a 12:00, ya kawo kati ya karɓa. In ta ɓata a hannunmu, mu za mu biya. In ya ɓoye ta a jaka aka sace, kada a zo mana.

Dabarunsu kuwa mun san su. Wani ya miƙa matacciyar waya, mai kyan tana cikin safa. Wata ta sa ta ƙarƙashin hijabi da abin saurare a kunne. Wani kuma ajiyar aboki ce, gida ba a san da ita ba. Malamai mata ne kaɗai za su caje 'yan mata, kuma a keɓe.

Kamun farko, wayar za ta kwana a ofis sai uba ko uwa sun zo, ba yaya ba, ba ɗan aike ba. Na biyu, sai ƙarshen zango. Na uku, ko kuma aka same shi da ɗaukar hoton wani, kwamitin ladabtarwa ne, kuma yana iya kaiwa ga dakatarwa. Ba ma fasa waya, ba ma buɗe ta sai a gabanku. Malamai ma dokar ta hau kansu: babu amsa kira a gaban allo.

Mai sikila ko asma, ku kawo takardar asibiti, malamin ajinsa zai riƙe lambarku, a kira ku nan take in ciwo ya tashi.

Roƙona ɗaya, iyaye mata musamman: in an yi haihuwa ko rasuwa, ko za a aiki yaro ya biya kasuwa, ku kira layin makaranta da ke saman takardar da aka raba muku. Akwai mai ɗauka daga 7:30 har a tashi, saƙo zai isa aji cikin minti biyar. A sa hannu a ƙasan takardar, yaro ya dawo da ita kafin Alhamis.

Malam shugaba, bismillah, a ba masu tambaya dama.