Ƙawata, akwai maganar da nake riƙe da ita

Assalamu alaikum ƙawata,

Na rubuto miki wannan a takarda, na kuma ba ki hannu da hannu, saboda na ga ba ke kaɗai ke buɗe wayarki ba. Ki karanta lokacin da kike ke kaɗai. In kin gama, ki adana ko ki yaga, duk wanda ya fi miki kwanciyar hankali.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Wata zuciyar ta ce in yi shiru, tsakanin masoya ba a shiga, kuma ranar da kuka shirya ni ce zan zama abar zargi. Na ji tsoron ki ɗauka hassada ce, ko ki daina gaya mini komai. Amma da na tambayi kaina, in ni ce a matsayinki kuma kin ga abin da na gani, me zan so ki yi, sai na tarar zan fi son ki faɗa mini ko da zan yi fushi.

Abin da idona ya gani kawai zan faɗa, ban da jita-jita.

Ranar Asabar da muka zauna mu uku, ni da ke da saurayinki, saƙo ya shigo wayarki. Kafin ki miƙa hannu ya ɗauka, ya sa lambar sirri, ya karanta, ya tambaye ki waye wannan. Abokiyar aikinki ce. Kin yi dariya, amma na ga yadda kika yi ta bayani kamar wadda aka kama da laifi. Da kika kawo zancen komawa karatu, abin da kike buri tun muna makaranta, sai ya ce a gabana, "Wannan kan naki ne zai ɗauki karatu?" Kin sunkuyar da kai, ba ki ƙara cewa uffan ba har muka tashi. Wannan shirun ne ya fi tsaya mini a rai, don na san ki da baki, na san ki da musu a kan abin da kika yarda da shi.

Sannan da bakinki kika ce mini katin bankinki yana hannunsa, wai yana taya ki tattali. Kuma duk inda muka je yanzu sai kin ɗauki hoto kin tura masa shaidar inda kike. Yayarki ma ta tambaye ni ko lafiya ta daina ganinki. Na ce mata ta tambaye ki, ban ƙara komai ba.

Kowanne cikin waɗannan in aka ɗauke shi shi kaɗai za a iya cewa kishi ne ko kulawa. Haɗuwarsu ce ta dame ni. Sa ido a kan zirga-zirgar mace, raba ta da danginta da ƙawayenta, riƙe mata kuɗinta, wulaƙanta ta a gaban mutane, duk Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa su cikin cutarwar da ake yi tsakanin masoya da ma'aurata, ko da ba a taɓa ɗaga hannu ba. Ban ce mugu ne ba. Na ga alherin da ya yi miki lokacin da kika kwanta rashin lafiya, kuma na san kina sonsa. Ke kika san shi a ɓoye da sarari, ni gefe ɗaya na gani.

Ban rubuto don in ce ki rabu da shi ba, wannan hukuncin naki ne. Tambaya kawai nake so ki yi wa kanki: kina iya ce masa a'a ba tare da gabanki ya faɗi ba? Kina tauna magana kafin ki furta don gudun ɓacin ransa? Ya taɓa tsorata ki? In amsar ta ƙarshe e ce, don Allah kada ki riƙe ta ke kaɗai, ki gaya mini ko wani babba da kika amince da shi tun yanzu, kafin maganar aure ta yi nisa.

Ban tattauna wannan da kowa ba, kuma ba zan tunkare shi ba. In kin ce na fahimci abin a baibai, zan saurare ki da zuciya ɗaya. In kin yi fushi ma ba komai, ƙofata a buɗe take, kuma ba za ki taɓa jin "ai na gaya miki" daga bakina ba.

Ranar Alhamis da yamma ina gida bayan an tashi aiki. Ki zo mu zauna, ko ki kira ni ta wayar ofis in hakan ya fi miki sauƙi.

Taki har kullum,
Aminiyarki