Gwajin Zaɓin Amsa a kan Fotosintesis: Aji Ɗaya na Babbar Sakandare

Assalamu alaikum ɗalibai. Tun da yake kwafi ɗaya ne kawai na littafin Bayoloji muke da shi a aji, na ɗauki hoton shafi na 47 na tura muku tare da wannan takarda. Shafin yana bayani ne a kan fotosintesis, wato yadda koren tsiro ke haɗa abincinsa da taimakon hasken rana, kuma daga cikinsa na ciro tambayoyi goman nan: wasu daga sakin layi uku na sama, wasu daga zanen ganyen da ke tsakiya, sauran kuma daga akwatin gwaje-gwajen da ke ƙasa. Saboda takardar ta lanƙwashe ta wajen ɗinkin littafin, ƙananan lambobin lissafin sinadaran ba su fito sosai a hoton ba, don haka na sake rubuta shi a nan:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Ban kwafo jimlolin littafin yadda suke ba, domin wanda ya haddace shafin ba tare da ya fahimce shi ba, zai iya cinye irin wannan gwaji ya tashi ba tare da ya ƙaru da komai ba. Amsoshin da ba daidai ba ma da gangan na zaɓo su, akasarinsu daga bakin ɗalibai na ji su a aji, saboda haka kowa ya karanta zaɓi huɗun duka kafin ya yanke hukunci. Kowace tambaya maki biyu ce, lokacin kuma minti ashirin. A rufe hoton, a rubuta harafin amsa a littafin aiki, kada kuma a leƙa bayanin da ke ƙarshe sai an gama. Ranar Litinin kowa ya zo da makin da ya samu da lambar tambayar da ta fi ba shi wahala.

TAMBAYOYI

1. An shuka ƙwayar darbejiya wadda ba ta kai girman gyaɗa ba, bayan shekaru ta zama babbar bishiya, aka sare ta aka busar da itacen. Daga ina mafi yawan nauyin busasshen itacen nan ya fito?
A. Daga ƙasar da saiwoyi suka tsotsa.
B. Daga takin da aka zuba a gindinta.
C. Daga iskar kabon dayokzaid da ganye ya shaƙa.
D. Daga hasken rana, wanda ya daskare ya zama itace.

2. A zanen da ke tsakiyar shafin, wane sashe na ganye ne ya fi yawan kuloroplas, wato ƙananan sassan ƙwaya masu ɗauke da koren sinadarin kulorofil?
A. Dogayen ƙwayoyin da ke jere a ƙarƙashin fatar saman ganye.
B. Fatar saman ganye ita kanta.
C. Jijiyoyin da ke kawo ruwa.
D. Sararin iska da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasan ganye.

3. Me ya sa idonmu ke ganin ganye kore?
A. Domin kulorofil ya fi shan koren haske.
B. Domin ruwan da ke cikin ganye kore ne.
C. Domin sitacin da ganye ke ajiyewa kore ne.
D. Domin kulorofil ya fi shan jan haske da shuɗi, koren kuma ya dawo ga ido.

4. Iskar oksijin da tsiro ke fitarwa lokacin fotosintesis daga wane abu take fitowa?
A. Daga kabon dayokzaid.
B. Daga ruwa.
C. Daga gulukos.
D. Daga gishirin ma'adinai na cikin ƙasa.

5. Ruwan sama ya ɗauke na tsawon mako biyu a tsakiyar damina, ganyen masara ya naɗe da tsakar rana, ga kuma haske a wadace. Mene ne babban dalilin da ya sa haɗa abinci ya ragu a gonar?
A. Ƙofofin sitomata sun rufe don tsimin ruwa, iskar kabon dayokzaid ta rasa hanyar shiga.
B. Hasken rana ya yi wa masarar kaɗan.
C. Iskar oksijin ta ƙare a gonar.
D. Kulorofil ya gangara ya koma cikin saiwa.

6. A gwajin neman sitaci, bayan an tafasa ganye a ruwa, ana sa shi a cikin sifirit mai ɗumi. Mene ne amfanin hakan?
A. Don a ƙara wa ganyen sitaci.
B. Don ganyen ya yi laushi.
C. Don a cire kulorofil, launin da aidin zai bayar ya fito fili.
D. Don a buɗe ƙofofin sitomata.

7. Me ya sa ake ajiye tsiron tukunya a cikin duhu na awa 48 kafin a fara gwajin?
A. Don ya huta ya tara ƙarfi.
B. Don ganyen ya ƙarar da tsohon sitacin da ke cikinsa.
C. Don ya ƙara yawan kulorofil.
D. Don ƙasar tukunyar ta bushe.

8. An samo ganye mai roɗi-roɗin fari da kore, ya yini a rana, aka yi masa gwajin aidin yadda ya kamata. Me za a gani?
A. Ganyen duka zai koma shuɗi mai duhu.
B. Babu inda zai sauya launi.
C. Inda yake fari ne kawai zai koma shuɗi mai duhu.
D. Inda yake kore ne kawai zai koma shuɗi mai duhu.

9. Wace magana ce daidai game da koren tsiro?
A. Yana fotosintesis da rana, numfashi kuwa sai da dare.
B. Yana fotosintesis dare da rana ba tsayawa.
C. Yana numfashi dare da rana, fotosintesis kuwa sai akwai haske.
D. Ba ya numfashi ko kaɗan, tun da shi ke samar da oksijin.

10. Rogo yana girma a binne inda haske ba ya isa, amma cike yake da sitaci. Ta yaya aka yi haka?
A. Saiwar tana yin fotosintesis a cikin ƙasa.
B. Ganye ne ya haɗa sukari, hanyoyin fuloyem suka saukar da shi, saiwa ta mayar da shi sitaci.
C. Saiwar ta tsotsi sitacin daga ƙasa.
D. Hanyoyin zailem ne suka saukar da sitacin daga ganye.

AMSOSHI DA BAYANI

1. C. Wannan ce tambayar da na fi damuwa da ita, domin kusan dukanmu mun tashi muna ɗauka cewa tsiro ƙasa yake ci. Tun a ƙarni na 17 wani masani ɗan ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, Jan Baptist van Helmont, ya dasa ƙaramar bishiya a tukunya yana ba ta ruwa kawai har shekara biyar. Da ya auna, bishiyar ta ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar tukunyar kuwa abin da ta rasa bai wuce giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace, sai daga baya aka gano rawar da iska ke takawa. Kabon dayokzaid bai wuce kusan kashi 0.04 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu ba, amma daga wannan ɗan kaso ake gina gangar jikin kowace bishiya. Taki yana da muhimmanci ƙwarai, sai dai ma'adinai yake bayarwa irin su naitirojin da maganiziyam, waɗanda nauyinsu a jikin itace kaɗan ne. Haske kuma makamashi ne da ke tafiyar da aikin, ba kayan haɗi ba ne.

2. A. Waɗannan ƙwayoyi su ne mafi kusa da inda haske ke shigowa, fatar da ke samansu kuma garau take don ya ratsa.

3. D. Wanda ya zaɓi A ya juya maganar ne, domin launin da abu ya shanye ba ya isowa ido.

4. B. Lissafin da na rubuta a sama ba ya nuna wannan, shi ya sa mutane da yawa ke zaton oksijin daga CO₂ ya ɓalle. A matakin farko na fotosintesis, wanda ke buƙatar haske, ana raba ruwa ne, oksijin ya fita, haidirojin kuma ya wuce mataki na biyu inda ake haɗa sukari. Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu sun nuna haka a 1941 ta hanyar amfani da ruwa mai ɗauke da oksijin mai nauyi, wanda za a iya bin sawunsa.

5. A. Ta ƙofar da iska ke shiga ganye ta nan ruwa ke fita, don haka tsiron da ƙishirwa ta kama dole ya rufe ta, ya kuma yi asarar abinci a kan hakan. Duk wanda ya taɓa ganin fari ya kama gona lokacin da masara ke fitar da goyo ya san yadda zangarniyar ke fitowa da giɓi.

6. C. Sifirit taurara ganye yake yi, shi ya sa ake sake tsoma shi a ruwan ɗumi kafin a ɗiga aidin. Ina kuma jaddada muku cewa ba a ɗora sifirit a kan wuta kai tsaye, saboda yana kamawa nan take. A cikin ruwan zafi ake tsoma kwalbar bayan an kashe wutar.

7. B. Idan ba a yi haka ba, babu yadda za a tabbatar cewa sitacin da aka gani a ƙarshe lokacin gwajin aka haɗa shi.

8. D. Farin wurin ba shi da kulorofil, saboda haka launin aidin ɗin kawai zai ɗauka, wato ruwan ƙasa mai haske.

9. C. Kowace rayayyiyar ƙwayar halitta tana bukatar makamashi a kowane lokaci, don haka numfashi ba ya tsayawa. Abin da ke ruɗar da mutane shi ne, da rana oksijin da ganye ke samarwa ya fi wanda yake amfani da shi yawa, sai rarar ta fita waje. Jan Ingenhousz ne ya nuna a 1779 cewa koren sashe na tsiro ne kaɗai ke gyara iska, kuma sai a cikin haske.

10. B. Zailem ruwa da ma'adinai yake haurawa da su daga saiwa zuwa ganye, fuloyem kuma shi ke raba abinci zuwa duk inda ake bukata. Sitaci ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya tafiya a kowanne daga cikinsu, sai an mayar da shi sukari tukuna.

Duk wanda ya samu ƙasa da maki 12 ya sake karanta sakin layi na biyu da akwatin gwaje-gwaje kafin Litinin. Shugaban aji kuma ya tanado mana tsiron wake guda biyu a gwangwani, ya sa su a cikin kabad tun safiyar Asabar, domin da su za mu yi gwajin da tambaya ta 6 da ta 7 suka yi magana a kai.

Malaminku na Bayoloji