Takardar Neman Aikin Jami'in Jigilar Kaya

Unguwar Jekadafari,
Gombe.
12 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Manajan Ma'aikata,
Sashen Rarraba Kayan Masarufi,
Titin Bauchi, Gombe.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga sanarwar da kuka fitar cewa kuna neman jami'in da zai kula da jigilar kaya a sabon sitonku, shi ya sa na rubuto ina neman a ba ni wannan aiki.

Na kammala digiri a fannin gudanar da kasuwanci a Jami'ar Jihar Gombe a 2023, na kuma yi hidimar ƙasa a Jihar Neja. Takardun suna haɗe da wannan wasiƙa. Amma abin da na fi so a duba shi ne wata shida da na yi ina horon sanin makamar aiki a wani daffo na rarraba shinkafa, sukari, man girki da takin zamani a nan Gombe, domin a can ne na koyi aikin da hannuna.

A bakin ƙofar lodi aka fara ajiye ni, da biro da littafi. Tirela za ta iso daga Kano ko Legas, direba ya miƙo webil, wato takardar da ke nuna kayan da ya ɗauko, 'yan dako su fara saukewa, ni kuma ina ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya. Mai sito bai yarda a sa hannu a kan abin da ido bai gani ba, ko da direba na sauri, ko da magariba ta kawo jiki. Idan takarda ta ce buhu 600, aka sauke 597, a nan take ake rubuta gibin, direba ya sa hannu kafin motar ta motsa. Da ta fita ƙofa, magana ta zama musu, kuma kamfani ne ke asara. Buhun da ya yage ko ya sha ruwa a hanya, gefe muke ware shi mu ɗora a sikeli.

A cikin sito na koyi jera kaya a kan katako, nesa da bango saboda danshi da ɓera, da raba taki da kayan abinci kwata-kwata. Kayan da suka riga shigowa su ke riga fita, musamman man girki da ke da wa'adi a jikin katan. Da na ga ana jinkirin daidaita katin kaya da abin da ke ƙasa sai ƙarshen wata, na nemi izini na buɗe jadawali a Excel, ina shigar da shige da fice kullum kafin a tashi. Tun daga nan duk wani kuskure a ranarsa ake kama shi, tun 'yan lodi ba su manta wace mota suka yi wa aiki ba. Har na bar wurin da shi ake amfani.

A watanni biyu na ƙarshe an mayar da ni ɓangaren tsara motoci. Na san hanyoyin da kayanku za su bi: ta Kumo, Billiri da Kaltungo zuwa Yola, ta Dadin Kowa zuwa Biu, ta Bajoga zuwa Potiskum, sai ta Alkaleri zuwa Bauchi. Tsawon hanya a taswira daban, lokacin da mota mai lodi za ta ci daban, balle da damina. Na saba haɗa kayan diloli biyu ko uku da ke hanya ɗaya a mota guda, da lissafin man gas na zuwa da dawowa, da nema wa mota kayan dawowa don kada ta juyo fayau. Direbobi kuwa, yawancinsu sun haife ni, don haka da girmamawa nake bin su, amma ba na sassauci a kan lissafi. Ina jin Fulatanci daidai gwargwado, ya kuma sha yi mini rana wajen hulɗa da diloli a ƙauyuka.

Mai siton da ya horar da ni ya ba ni takardar shaida, tana cikin abin da na haɗo tare da lambar wayata. A Gombe nake zaune, a shirye nake in fara aiki a farkon watan gobe, kuma ba ni da matsala da fitowa da asuba ko kaiwa dare ranar da mota ta makara. Idan kun ba ni dama, ina so a gwada ni a bakin sito ranar da ake sauke kaya.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka. Na gode.

Ni ne,
Usman Adamu